Batir mai yunit 50 ko mai yunit 60: yadda gudu, zafi da esi ke cin kilomitar motar lantarki

Duk wanda ya je sayen motar lantarki, abin da dillali zai fara nuna masa shi ne yawan kilomitar da take yi a caji ɗaya. Zai ce wannan tana yin 430, waccan tana yin 510, ka ƙara kuɗi ka ɗauki mai babban batir. Bayan an saya kuma sai mai mota ya tarar da abin da ke ɗaure masa kai. Da safe allon gaban direba ya nuna saura kilomita 400, ya hau babban titi ya yi tafiyar kilomita 50, ya duba ya ga saura 310. Wani lokacin ma yana tsaye, kunna esi kawai ya yi, sai lambar ta sauka da kilomita 20 ko 30. Mutane da yawa suna ɗauka batirin ne ya samu matsala, ko kuma an cuce su. Yawanci ba haka ba ne. Lambar nan ƙiyasi ce, kuma abubuwa uku ne suka fi jujjuya ta: gudun da kake yi, zafin gari, da na'urar sanyaya mota. Wanda ya fahimci yadda kowannensu ke cin wuta zai san ko ƙaramin batir ya ishe shi, ko sai babba.

Don maganar ta tsaya a kan abu guda, zan ɗauki mota ɗaya da ake yi da batir iri biyu, wato BYD Atto 3, wadda a China ake kira Yuan Plus. Jiki ɗaya ne, girma ɗaya, bambancin a batir yake: ƙaramin kWh 49.9, babban kWh 60.5. Kada wannan kWh ya tsorata ka, shi ne dai yunit ɗin da kake saya a mitar wutar gida. Don sauƙin lissafi zan riƙa cewa yunit 50 da yunit 60. Tambayar ita ce, wa ke bukatar waɗannan yunit 10 na ƙari, wa kuma zai biya kuɗinsu a banza?

Lambar da ke kan takarda

Wannan mota mai yunit 60, a China an rubuta mata kilomita 510. Ita ɗin ce dai, da batirinta, a Turai aka rubuta mata 420. Ƙaramar kuma 430 a China, 345 a gwajin Turai. Ba wai wani ya yi ƙarya ba, gwajin ne ya bambanta. Na China sunansa CLTC, na Turai WLTP. Dukansu a ɗakin gwaji ake yin su, a ɗora mota a kan na'urar da ke juya tayoyi, a bi wani tsarin gudu da tsayawa na minti 30. A tsarin China matsakaicin gudun bai wuce kusan kilomita 29 a awa ba, domin an kwaikwayi tuƙin cikin manyan biranensu masu cunkoso. A tsarin Turai matsakaicin ya kai 46.5. Kuma ana yin gwajin a zafin digiri 23, esi a kashe.

Ka ga tun daga nan an baro mu. Wanda zai tuƙa mota a Kano ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ba ya cikin wannan lissafi. Wanda zai hau babban titi ya riƙe 100 ko 120 na awa biyu shi ma ba ya ciki. Saboda haka idan motar da aka kawo maka daga China take, lambar da ke jikinta ta gwajin China ce, kuma ita ce ta fi nisa da gaskiyar hanya. Amfanin waɗannan lambobi ɗaya ne: kwatanta mota da mota, muddin gwajin iri ɗaya ne. Kada ka yarda a kwatanta maka lambar China ta wata mota da lambar Turai ta wata.

Yadda allon ke yin nasa lissafin

Motar ta san abu biyu. Ta san kusan yawan wutar da ta rage a batir, kuma ta san yadda ka ci wuta a 'yan kilomitocin da suka wuce. Sai ta raba na farko da na biyu, ta nuna maka sakamakon. Kamar uwargida ce da ta dubi buhun shinkafa ta ce zai kai kwana ashirin, saboda ta san yawan tiyar da ake dafawa kullum. In baƙi suka sauka, shinkafar ba ta ragu a take ba, amma kwanakin sun ragu, kuma ba za a ce ta yi ƙarya ba.

Shi ya sa wanda ya yi mako yana zagaya cikin gari a hankali zai ga lamba mai daɗi da safe, amma da zarar ya hau babban titi sai ta fara zubewa fiye da tafiyar da yake yi. Motar tana gyara ƙiyasinta ne bisa sabon tuƙin. Wasu motocin kuma suna cire kason esi nan take da an kunna shi, su mayar in an kashe. A Atto 3 akwai zaɓi biyu na yadda za a nuna lambar, `Standard` da `Dynamic`. Na farkon yana ɗora lissafi a kan lambar gwaji, na biyun yana la'akari da yadda ake tuƙi. Ni ina ganin duk mai irin wannan mota ya kamata ya bar ta a kan na biyun, ko da lambar ba ta yi masa daɗin gani ba.

Abin da ya fi wannan lamba amfani shi ne wata da ke kusa da ita, wadda mutane ba su cika dubawa ba: `kWh/100km`, wato yunit nawa motar ke ci a kowace kilomita 100. Da ita zan yi sauran bayanin.

Gudu

A motar fetur mun saba da cewa cikin gari ne ke shan mai, babban titi kuma ya fi sauƙi. Motar lantarki akasin haka take, kuma akwai dalili. Injin fetur yana ɓarnatar da mafi yawan ƙarfin man a matsayin zafi, musamman a tsaye da kuma a ƙaramin giya, don haka ɓarnar cikin gari tana rufe komai. Injin lantarki ba shi da wannan ɓarnar. In ya tsaya ba ya cin komai, in ka ɗaga ƙafa daga totur ko ka taka birki a hankali yana mayar da wani kaso na ƙarfin cikin batir. Abin da ya rage masa ya yi fama da shi biyu ne: gogayyar taya da ƙasa, da kuma iskar da motar ke ƙetawa.

Gogayyar taya ba ta cika sauyawa da gudu ba. Iska ce ke da mugun hali. In ka ninka gudu sau biyu, turjiyar iska ba sau biyu take ninkuwa ba, sau huɗu ce. Daga 80 zuwa 120 ƙarin rabi ne kawai a gudu, amma turjiyar iskar ta ninka fiye da sau biyu. Ga shi kuma ajiyar ba ta da yawa tun asali. Litar fetur ɗaya tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kusan yunit 9, ma'ana batir mai yunit 60 bai kai ƙarfin lita 7 na fetur ba. Motar tana yin nisa da wannan ɗan abin ne saboda tsimi, don haka duk abin da ya taɓa tsimin sai an gan shi a fili.

Bari mu ɗauki hanyar Kano zuwa Kaduna, kusan kilomita 230. Mota mai girman wannan, da mutane a ciki, a titi mai kyau, ba esi, za ta ci wajen yunit 14 a kilomita 100 in an riƙe 80, wajen 18 in an riƙe 100, wajen 23 in an riƙe 120. Waɗannan adadi ne na kusa da za a yi lissafi da su. Lodi da taya da yanayin titi za su ɗan ɗaga su ko su sauke su. Tunda ba wanda zai yi wannan tafiya da rana a bazara ba tare da esi ba, mu ƙara nasa, wanda zan yi bayaninsa a gaba. Sai su zama 16.5, da 20, da kusan 25.

Wanda ya riƙe 100, wanda shi ne iyakar gudun da dokar hanya ta Najeriya ta ba ƙananan motoci a babban titi, zai ci yunit 46 kafin ya isa. In ƙaramin batir gare shi, zai shiga Kaduna da yunit 4, wato kashi 8 cikin ɗari. Ya isa, amma da zuciya a hannu, kuma bai da halin karkata hanya ko tsayawa a dogon cunkoso. In babba gare shi zai isa da yunit 14, kusan kashi 23 cikin ɗari. Wannan isa ce ta kwanciyar hankali.

Wanda ya taka 120 yana bukatar fiye da yunit 57. Ƙaramin batir zai ƙare a kilomita ta 200, an wuce Zariya, saura kusan 30 a shiga Kaduna. Babban zai kai shi da ƙyar, da abin da bai kai yunit 3 ba. Wato mutum ya biya kuɗin babban batir, ƙafarsa ta cinye ƙarin gaba ɗaya.

Yanzu dubi wanda ya haƙura da 80. Yunit 38 zai ci. Da ƙaramin batir zai isa da yunit 12, kashi 24 cikin ɗari. Ka lura da wannan sosai, domin nan ne zaɓin yake: ƙaramin batir a gudun 80 yana isa da kusan ragowar da babban batir ke isa da ita a gudun 100. Abin da yunit 10 na ƙari suka saya maka a wannan hanya shi ne lokaci. A 80 tafiyar ta kusa awa uku, a 100 awa biyu da minti 18. Bambancin ya ɗan haura rabin awa. Wanda sau ɗaya a wata uku yake wannan tafiya, rabin awa ba komai ba ce. Wanda kowane mako yake yinta, zuwa da dawowa, zai gaji da bin bayan manyan motoci.

Na sani ba wanda ke riƙe gudu ɗaya daga Kano har Kaduna. Akwai garuruwa, akwai shingaye, akwai wuraren da titi ya lalace. Waɗannan suna rage gudu, don haka sau da yawa suna rage cin wuta, amma direban da ke fanshe lokacin da ya ɓata ta hanyar taka 130 a inda titi ya buɗe yana mayar da asarar har da ƙari.

Akwai kuma iskar gari, wadda allo ba ya gani sai ta riga ta yi aikinta. Abin da motar ke ji shi ne gudunta haɗe da gudun iskar da ke fuskantarta. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, kuma wanda ya taso daga Kaduna zuwa Kano kusan can ya dosa. In tana kaɗawa da kilomita 20 a awa kana riƙe da 100, turjiyar da motar ke sha ta mai gudun 120 ce. Shi ya sa za ka iya zuwa da ragowa mai yawa, ka dawo a hanya ɗaya da gudu ɗaya ka ga batir ya kusa ƙarewa. Kaya a kan rufin mota ma haka suke yi, sun fi kayan cikin but illa nesa ba kusa ba.

Esi

Gudu da kilomita yake karɓar kuɗinsa. Esi da awa yake karɓa. Wannan bambancin shi ne ya fi komai muhimmanci a wannan magana.

A motar lantarki kwamfiresan esi daga babban batir yake shan wuta kai tsaye. Idan mota ta daɗe a rana, a mintunan farko yana iya jan kilowat 3 ko 4 har cikin motar ya huce, sannan ya sauka. A tsananin zafin bazara mu ɗauka yana tsayawa a kilowat 2, wato yunit 2 a kowace awa. Da dare ko da damina zai iya sauka zuwa 1. Ko kana gudu ko kana tsaye, wannan yunit 2 a awa tana nan.

A babban titi kana riƙe da 100, awa ɗaya kilomita 100 ce, don haka esi ya ƙara yunit 2 a kan 18. Kashi ɗaya cikin tara ke nan, ba abin tashin hankali ba. Duk tafiyar Kano zuwa Kaduna esi bai ci yunit 5 ba. Wanda ya kashe shi ya zauna cikin gumi don ya isa, yunit 5 ɗin nan kawai ya ceto. Da ya bar shi a kunne ya sauko daga 100 zuwa 80, da yunit 8 ya ceto. Da daga 120 ya sauko zuwa 100, da fiye da 11. Saboda haka in ka ga batir na neman gazawa a babban titi, ƙafarka za ka fara ɗagawa kafin ka kai hannu kan esi. Sauke gilashi a wannan gudun ma ba mafita ba ce, domin yana ƙara turjiyar iska, ga ƙura.

Cikin gari labarin ya juya. A ce matsakaicin gudunka, haɗe da tsayuwar danja da cunkoson kasuwa, kilomita 25 ne a awa. Kafin ka cika kilomita 100 ka yi awa huɗu, esi ya ci yunit 8. Ita kanta tafiyar wajen yunit 13 take ci. Jimla 21. Ka ga mota tana rarrafe cikin gari amma tana cin wuta fiye da mai riƙe da 100 a babban titi. Babban batir da zai yi wajen kilomita 460 cikin gari ba esi, ya koma 285. Ƙaramin ya sauko daga 385 zuwa kusan 240. Duk lokacin da cunkoso ya ƙaru, kason esi a kowace kilomita yana ƙaruwa. Gajerun tafiye-tafiye sun fi muni, domin kowace tsayawa a rana tana mayar da motar tanda, a sake sanyaya ta daga farko.

A 2019 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada motocin lantarki biyar a ɗakin gwaji. A zafin digiri 35, esi a kashe, nisan ya ragu da kashi 4 cikin ɗari kawai. Da aka kunna esi ya ragu da kashi 17. Zafinmu na bazara ya wuce 35, cunkosonmu kuma yana tsawaita awanni, don haka wanda ya ga tasa ta ragu fiye da haka kada ya yi mamaki.

Ana iya rage wannan ci ba tare da an sha wahala ba. Mafi amfani shi ne a kunna esi tun motar tana jone da caji, minti goma kafin a fita, don wutar gida ta ɗauki nauyin sanyayawar farko. Sai ajiye mota a inuwa, da sa maɓallin da ke juya iskar cikin mota maimakon jawo ta waje mai zafi, da tsayar da sanyin a digiri 24 maimakon 18. In mota ta gasu a rana, a buɗe ƙofofi minti ɗaya zafin ya fita kafin a kunna.

Zafin gari da shi kansa batirin

Batir ya fi jin daɗin aiki a yanayin da mutum ma ke jin daɗi, tsakanin digiri 20 da 30 ko kusa da haka. In ya yi zafi da yawa, motocin da ke da tsarin sanyaya batir suna kunna kwamfiresa don su huce shi, ko da kai ba ka kunna esi ba. Za ka ji fanka na aiki bayan dogon gudu ko lokacin caji mai sauri. Wannan ma wuta yake ci, amma kuɗi ne da ya cancanci a biya.

Babbar illar zafi ba a tafiyar yau take ba, a shekaru take. Zafi yana tsufar da batir, musamman in ana barin sa cike a rana. Motar lantarki Nissan Leaf ta farko ba ta da tsarin sanyaya batir da ruwa, kuma tun 2012 masu ita a Arizona, jiha mai zafi a Amurka, suka yi ta ƙorafin raguwar batir da wuri. Wannan ya shafi mai sayen tsohuwar mota kai tsaye. Batir mai yunit 60 da lafiyarsa ta sauka zuwa kashi 85 cikin ɗari, yunit 51 yake riƙewa. Wato ka sayi babba a suna, ƙarami a aiki. Mai yunit 50 kuma ya koma 42 da rabi, wanda ba zai kai Kaduna a gudun 100 da esi ba. Ko sabuwa ka saya, ka sa a ranka cewa batirin zai ɗan ragu da shekaru, don haka tafiyar da yau ake isa da kashi 8, wata rana ba za a isa ba.

Nau'in batirin ma yana shiga lissafi. Na Atto 3 irin wanda ake kira LFP ne, yana jure zafi da cikawa har ɗari bisa ɗari fiye da sauran nau'o'in, waɗanda yawanci ake ba da shawarar a tsayar da su a kashi 80 don amfanin yau da kullum. Amma yana da nasa hali: wuya ne mota ta auna ragowarsa daidai in an daɗe ba a cika shi ba. Alamar ita ce kason ya riƙa sauka a hankali, sannan a ƙasa-ƙasa ya faɗi farat ɗaya. Maganin shi ne a riƙa cika shi har ƙarshe lokaci zuwa lokaci, motar ta daidaita ma'auninta.

Sanyi kuwa, a ƙasar Hausa ba babbar matsala ba ce. Safiyar hunturu tana ɗan rage nisa, ba sosai ba. Amma ɗan'uwan da ke Kanada ko arewacin Turai, nasa lissafin daban ne, domin motar lantarki ba ta da zafin inji na banza da za ta ɗumama ciki da shi, hita daga batir take sha. A gwajin nan na 2019, a sanyin kusan digiri 7 ƙasa da sifili, da hita a kunne, nisan ya ragu da kashi 41 cikin ɗari. Wanda ke can, babban batir ba abin jayayya ba ne.

To wanne za a ɗauka?

Ma'aikaci ko ɗan kasuwa da ke zagaya cikin gari, kilomita 60 a rana, yana da wurin caji a gida: a mafi munin bazara yunit 13 zai ci a rana, kwata na ƙaramin batir. Ƙaramin ya ishe shi har da ragi. In ba ya son sauka ƙasa da kashi 20, ƙaramin zai kai shi kwana uku ba caji, babban kusan huɗu. A unguwar da wuta ke yin kwanaki ba ta zo ba, wannan kwana ɗaya na iya zama hujja, amma ni da zan ba shi shawara, kuɗin ƙarin ya fi amfani a wajen gyara hanyar caji a gida. Babban batir ba ya rage yawan wutar da za ka zuba, yana dai tsawaita tazarar da ke tsakanin caji da caji. Tafiyarsa ta Kaduna ta lokaci-lokaci kuma, ya tashi da sassafe kafin rana ta yi zafi, ya riƙe 80 zuwa 90.

Mai haya cikin gari, nan ne mutane suka fi yin kuskure, domin suna cewa ai ba ya fita gari. A ce yana aiki awa goma, yana yin kilomita 200, fasinja kuma suna son sanyi. Tafiyar za ta ci yunit 26, esi ya ci 20. Jimla 46, daidai da zuwa Kaduna. Da ƙaramin batir kullum zai koma gida a kan ƙarshen caji, ko ya yanke aiki da rana ya nemi wurin jonawa, kuma cikawa da ƙararwa kullum suna gajiyar da batir. Shi babban ya dace da shi, duk da bai taɓa wuce 60 a awa ba.

Mai zirga-zirga tsakanin garuruwa, wanda tafiyarsa ta saba kaiwa kilomita 200 zuwa sama, babban zai ɗauka, kuma ya sani ko da shi ba a ba shi lasisin taka 120 ba. In tafiyar ta kai 300 a babban titi da esi, yunit 60 take bukata a gudun 100, wato dukan batirin ba ragi. Wannan sai da caji a hanya, kuma kada ya ɗora lissafinsa a kan wurin cajin da bai gani da idonsa yana aiki ba. Mai hawa tudu ya ƙara wani abu a kai: daga Abuja zuwa Jos ana hawan sama da mita 700, kuma ɗaga mota mai kusan tan biyu wannan tsayin kaɗai yana cin wajen yunit 4, ko da yake a saukowa ana samun wani kaso ya dawo.

Kafin ka biya kuɗi, ka nemi a bar ka ka gwada motar da rana, ba da yamma ba. Ka mayar da ma'aunin tafiya sifili, ka kunna esi yadda ka saba, ka hau titin da ya buɗe ka riƙe gudun da ka san kana yi, kilomita 15 zuwa, 15 dawowa, don iska da gangara su soke juna. Sai ka karanta `kWh/100km`. Ka ninka shi da tsawon tafiyarka mafi nisa da ka saba yi, ka raba da 100. In ya nuna 20 kuma tafiyarka 230 ce, yunit 46 ke nan. Ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar saboda iska da cunkoso da tsufan batir, ya zama wajen 55. Batirin da bai kai wannan ba, ko dai ka rage gudu ko ka bar shi. In tsohuwar mota ce, ka sa a jona mata na'urar bincike a karanta lafiyar batirin, wadda ake nunawa da `SOH`, ka ninka girman batirin da wannan kaso kafin ka kwatanta. Ka kuma auna iskar tayoyi tun suna sanyi kafin gwajin, domin taya mai ƙarancin iska tana ɗaga adadin, ta sa ka yi wa motar hukuncin da ba nata ba.